Yadda ake fassara kalmar da ba ta da takwara a wani yare: misali da kunya da kara a sabtaitil

Aikina kenan shekara da shekaru, rubuta fassarar nan da ke fitowa a ƙasan allo idan ana kallon fim ɗin Hausa, wato sabtaitil, daga Hausa zuwa Turanci. Kuma kuskuren da ya fi koya min hankali a kan kalma ɗaya na yi shi, kunya. A wani fim ne da na yi wa aiki ina sabon shiga, an kama wani saurayi ana zarginsa da abin da bai yi ba, gida ya cika ana ta hayaniya, uwarsa na zaune a bakin ƙofar ɗakinta tana tsince shinkafa a faranti ko ɗago kai ba ta yi ba, sai wata baƙuwa ta ce wa maƙwabciya wai wannan wace irin uwa ce, maƙwabciyar ta ce "ai ɗan fari ne, kunyarsa take ji". Ni kuma na buɗe ƙamus na ɗauko ma'anar farko na manna. Abin da ya fito a allo shi ne:

```
She is ashamed of him.
```

Wanda ba ya jin Hausa abin da ya karanta shi ne uwar ta yarda ɗanta ɓarawo ne, ya zubar mata da mutunci har ba ta son kallonsa. Alhali a fim ɗin ita ce ta fi kowa sanin bai yi ba, ta ciki na ciki ne kawai. Da layi ɗaya na juya labarin gaba ɗaya. To wannan sin ɗin, wato wannan yankin na fim ɗin, shi zan yi ta komawa kai har mu gyara shi tare, don idan ka iya da kunya sauran kalmomin masu taurin kai za su zo maka da sauƙi.

Kayan aiki

Ƙamus biyu aƙalla, kuma kada duka su zama na Hausa zuwa Turanci. Na farko wanda ke bayanin Hausa da Hausa, irin Ƙamusun Hausa na Jami'ar Bayero da ya fito a 2006, amfaninsa shi ne yana tilasta maka ka ga ma'anar a cikin Hausa kafin Turanci ya shigo ya ruɗa ka. Na biyu na Bargery na 1934, tsoho ne sosai kuma wasu kalmomin nasa yanzu sai a bakin kakanni, amma yana kawo misalan jimla da karin magana, kuma an sa shi a intanet ana bincikawa kyauta. Idan ka samu na Abraham shi ma ka riƙe.

Sai littafin rubutu da biro, na takarda nake nufi, wanda za ka riƙa tara kalmomin da suka ba ka wahala da yadda ka warware kowacce. Sai manhajar sabtaitil, ni Subtitle Edit nake amfani da ita, wasu abokan aikina Aegisub, duka kyauta ne kuma suna ƙirga maka haruffa. Sai iyafis mai kyau, don rabin ma'anar irin waɗannan kalmomi a murya take.

Sai mutum biyu, kuma wallahi sun fi ƙamus ɗin amfani. Ɗaya dattijo ko dattijuwa da Hausa ta zauna wa a baki, ni gwaggona ce. Ɗaya kuma wanda ke jin Turanci sosai amma ba ya jin Hausa ko kaɗan kuma bai tashi a cikin Hausawa ba, shi ne za ka riƙa gwaji a kansa. Idan ba ka da irinsa a kusa, tsohon abokin makaranta ko na bautar ƙasa daga kudu ya isa, ta waya ma ana yi.

Mataki na 1: kalli sin ɗin ba ka rubuta komai ba

Sau biyu. Na farko ka kalla kamar ɗan kallo, na biyu ka riƙe biro kana sa alama a duk kalmar da ka ji zuciyarka ta ɗan tsaya a kanta. Alamar da za ka gane irin wannan kalma ita ce, kalmomin Turanci uku ko huɗu za su zo maka a kai lokaci ɗaya kuma kowacce ka ɗora sai ka ji kamar hular wani ce, ta shiga amma ba ta zauna ba. Kunya, kara, kawaici, zumunci, santi, yaji na matar aure, biko, gori, duk haka suke yi.

Kuskuren sabon shiga a nan shi ne ya fara fassara daga minti na farko yana tafiya layi layi. Idan ka yi haka, lokacin da ka iso kan kalmar ba ka san abin da zai faru a gaba ba, kuma sau da yawa abin da ke gaba shi ke gaya maka wace ma'ana ake nufi. Da na kalli fim ɗin can har ƙarshe kafin na taɓa kibod, da na ga wurin da uwar ta shiga ɗaki da daddare tana kuka tana masa addu'a, da ban rubuta abin da na rubuta ba.

Mataki na 2: tambayi kalmar, wa ke yi, ga wa, me ake karewa

Nan ne ainihin aikin, don haka zan ɗan daɗe a kai. Kalmar da ake cewa ba ta fassaruwa yawanci ba wai ma'anarta ce mai zurfin da ba a kaiwa ba, abubuwa da yawa ne muka ɗaure da igiya ɗaya, wancan yaren kuma ya raba su ɗaki ɗaki. Aikinka ka kwance ɗaurin ka ga wanne ne a hannunka a wannan jimlar.

Kunya dai a aikina na raba ta gida huɗu. Akwai ta wanda aka kama da laifi ko asirinsa ya tonu, "ya ji kunya", "an kunyata shi a gaban mutane", wannan ita ce kawai ta dace da abin da na rubuta a allo. Akwai ta jin nauyi, irin ta budurwa da aka zo zance wurinta tana wasa da gefen mayafi, ko yaro da ya ɓuya a bayan uwarsa don an yi baƙi, babu laifin komai a ciki. Akwai ta girmamawa wadda al'ada ta ɗora tsakanin wasu mutane na musamman: suruki da suruka, mace da ba ta kiran sunan mijinta sai dai maigida ko baban wane, uwa ko uba da ɗan fari wanda ba a kiran sunansa, ba a wasa da shi a gaban mutane, ba a tare masa faɗa. Sai ta huɗu wadda a rashinta ake ganinta, "mara kunya", wanda wani lokaci fitsara ake nufi, yaro yana mayar wa babba magana, wani lokaci kuma rashin kamun kai.

Tambayoyin uku su ke rarrabe maka. Wa ke jin kunyar? Uwa. Ta wa? Ɗanta na fari. Me ake karewa? Mutuncinta a idon gida, kada a ce ta nuna son kai a kan ɗan da ta haifa. Da ka amsa waɗannan ka san gida na uku kake, kuma ka san babu kalma ɗaya ta Turanci da za ta ɗauke shi, don su ba su da wannan al'ada ta ɗan fari balle su yi mata suna.

Ka lura da nahawu ma yana taimakawa. "Ya ji kunya" daban, "yana jin kunyarsa" daban, "ya ba ni kunya" daban, "abin kunya" daban. Idan kunyar ta jingina da mutum, kunyar wane, kuma wanen nan suruki ne ko ɗan fari ko malami, to kusan kullum girmamawa ce. Idan ka rikice, a nan ne za ka kira dattijuwarka, amma kada ka tambaye ta "mene ne ma'anar kunya", za ta ce maka kunya ai kunya ce. Ka ba ta labarin sin ɗin ka ce "Gwaggo me ya sa matar nan ta yi shiru?" sai ka ji bayani ya zubo. Ni da na tambayi tawa cewa ta yi, "yo so kake ta tashi ta tare masa a ce ba ta da ta ido? ai sai dai kishiyarta ko ƙanwar ubansa su shiga." Wannan amsar ita ta ba ni fassarar.

Abin mamaki, idan Larabci kake kai kunya aikin ya fi sauƙi nesa ba kusa ba, don suna da kalmar da ta zo a hadisin nan da ke cewa kunya tana daga imani, kuma ta ɗauki ɓangaren kamun kai da jin nauyi a matsayin abin yabo. Wato kalma ba ta zama mai wuya ita kaɗai, ya danganta da yaren da za ka kai ta.

Mataki na 3: sake faɗin jimlar da Hausa ba tare da kalmar ba

Wannan dabarar ita na fi koya wa yaran da ke zuwa koyon aiki wurina. Kafin ka rubuta harafi ɗaya na Turanci, ka ɗauka an hana ka amfani da kalmar kunya, ka faɗi abin da maƙwabciyar ke nufi da wasu kalmomin Hausa, kamar kana yi wa yaro ɗan shekara goma bayani. Ka rubuta biyu ko uku a littafinka. Nawa ga su:

Ɗanta na fari ne, ba zai yiwu a gan ta tana goyon bayansa ba.

Al'ada ta hana ta nuna damuwa a kansa a gaban mutane.

Tana son sa, amma ba ta da bakin magana a kansa.

Ka ga yanzu duk ukun suna fassaruwa ba tare da wata wahala ba. Idan ka kasa yin wannan matakin, ma'ana kai ma ba ka gama gane jimlar ba tukuna, ka koma mataki na biyu, kada ka yi gaba da fatan Turanci zai rufa maka asiri.

Hattara da abu ɗaya: wajen sake faɗin kada ka zama malamin al'ada. Ta biyun can da ta fara da "al'ada ta hana", daidai ce a ma'ana amma ba maƙwabciya ce ke magana ba, lakcara ne. Babu matar da ke tsaye a tsakar gida ana rigima da za ta ce "al'ada ta hana". Ka zaɓi wadda ta fi kama da bakin mai maganar, ni ta farko na ɗauka.

Mataki na 4: zaɓi hanyar da za ka bi

Hanyoyin da nake bi huɗu ne, kuma ba darajarsu ɗaya ba.

Wadda na fi yawan bi ita ce fassara abin da kalmar ke sa mutum ya yi, a bar sunan abin. Kunya ta sa uwar ta ƙi tare wa ɗanta, to sai a rubuta ƙin tarewar da dalilinsa. Mai kallo zai haɗa da fuskar matar da hannunta da ke rawa a cikin shinkafa, ya ji abin da Bahaushe ya ji ko da bai san sunansa ba.

Ta biyu, ka ɗauki ɓangare ɗaya na ma'anar ka haƙura da sauran. Idan budurwa ce ta rufe fuska aka ce kunya take ji, kalmar Turanci ta jin nauyin baƙo ta wadatar, ba sai ka tsaya dogon bayani ba. Ba kowace kunya ce ke buƙatar tiyata ba, wasu sababbi idan suka koyi mataki na biyu sai su riƙa yi wa kowane layi, fim ya koma aji.

Ta uku, ka bar kalmar Hausar yadda take ka ɗan jingina mata bayani a karon farko da ta fito, daga nan ka riƙa sakinta ita kaɗai. Wannan sai idan kalmar za ta yi ta dawowa kuma labarin a kanta ya ginu, misali fim ɗin gaba ɗaya a kan kara ne. A fim ɗaya kada ka yi wa kalma fiye da biyu ko uku haka, mai kallo ba zai riƙe ba. Kuma ka sani kalmar da aka ara tana ƙanƙancewa a sabon gida, dubi fulako da muka aro daga Fulani, a wurinsu pulaku babban abu ne da ya haɗa kunya da haƙuri da hankali da duk yadda Bafulatani zai riƙe kansa, mu kuma da ya zo hannunmu yawanci sai an miƙa wa mutum abinci ya ce ya ƙoshi alhali yunwa na cinsa muke cewa yana fulako. Haka kunya za ta zama a kan baƙon da ya tsince ta a fim ɗinka, abin da ya gani a sin ɗin farko shi zai ɗauka ita ce duka.

Ta huɗu, ka matsar da bayanin zuwa wani layin da ke da fili. Za ka ga amfaninta yanzun nan.

Mataki na 5: auna da lokaci

A sabtaitil ba ka da filin da mai fassara littafi ke da shi. Ƙa'idar da aka fi bi ita ce layi biyu a allo, kowane layi kada ya wuce harafi 42 har da tazarar da ke tsakanin kalmomi, kuma ni ina lissafi da harafi 17 a sakan ɗaya a matsayin abin da mai kallo zai karanta bai gaji ba. Manhajar tana nuna maka wannan lissafi, a Subtitle Edit za ka ga wurin ya canza launi idan ka wuce iyakar da aka saita.

Ga gyararren layin namu:

```
214
00:31:08,200 --> 00:31:11,400
He's her firstborn.
She can't be seen taking his side.
```

Layin sama harafi 19 ne, na ƙasa 34, jimla 53. Ka raba 53 da 17, ya ba ka sakan 3 da ɗan ɗoriya. Ita kuma maƙwabciyar a sakan 2 ta gama maganarta, don Hausar gajeriya ce. Sakan 2 harafi 34 kawai yake ɗauka. To ya za a yi?

Idan bayan maganar akwai shiru, kamara ta koma kan fuskar uwar ba wanda ke magana, sai ka bar rubutun ya ƙara sakan ɗaya da 'yan kai a allo, shi ne abin da na yi a sama, kuma ya ma fi daɗi don mai kallo yana karantawa yana kallon matar. Idan kuma babu shiru, wani ya karɓe maganar nan take, sai ka bi hanya ta huɗu: ka bar layin ƙasa kawai mai harafi 34, shi kuma batun ɗan fari ka nemo masa wuri a baya, wataƙila minti biyar kafin nan akwai inda aka ce "ina yaron nan?" ko aka kira shi da laƙabi, sai ka saka ɗan fari a can inda akwai fili. Mai kallo zai iso sin ɗin da saninsa a aljihu.

Abin da ba a yi shi ne a cusa harafi 53 a sakan 2. Rubutun zai wuce kamar walƙiya, ba a karanta ba kuma ba a kalli fuskar ba, an yi biyu babu.

Mataki na 6: bi kalmar har ƙarshen fim, kada ka ɗaure ta da fassara ɗaya

A makaranta an koya mana cewa kalma ɗaya fassara ɗaya daga farko har ƙarshe, wannan gaskiya ne a takardar kotu ko ta asibiti, amma a nan shi ke kashe aiki. A fim ɗin nan dai bayan an gano gaskiya, kawun yaron ya ce wa wanda ya yi ƙazafin "ko kunya ba ka ji ba", wannan gida na farko ne, kalmar da na yi kuskure da ita a baya a nan ta zauna daram. Kalma ɗaya a Hausa, fassara biyu mabambanta a fim ɗaya, kuma duka daidai.

Kara ma haka take, kuma ni ta fi ba ni wuya fiye da kunya. Kara ita ce ka danne haƙƙinka ko son ranka saboda ganin idon wani, ka bar wa ɗan kishiya abin da ɗanka ke so, ka ƙi karɓar kuɗin aiki a hannun abokin babanka, maƙwabci ya ɓata maka ka yi shiru don albarkacin zaman tare. Idan aka ce "ta yi min kara" sai na tambayi kaina me ta bari, saboda wa, sai na rubuta hakan: ta ƙyale maganar saboda ni, ko ta bar min duk da nata ne. Idan aka ce "ba shi da kara" kuma, yawanci abin da ke fitowa shi ne ba ya ɗaga wa kowa ƙafa ko ba ya duba alaƙa. Kuskuren da nake yawan gani a aikin wasu shi ne su fassara kara da kalmar kirki ko kyauta. Mai kyauta yana bayarwa da daɗin rai, mai kara kuwa sau da yawa ransa na so, dannewa ya yi, kuma wannan dannewar ita ce abin da ya kamata mai kallo ya ji. Kawaici ɗan'uwanta ne amma shi ya fi karkata ga kau da kai da yin shiru a kan abin da ka gani.

Santi kuwa hutu ne, ban taɓa shan wahalarsa ba. Mutum na cin tuwo da miyar kuka ta ji man shanu ya fara zuba yana yabon wanda ya gina gidan, aka ce "santi kake yi", sai in rubuta abin da ke nufin daɗin abincin nan ya kwance maka baki, shi kenan, dariyar tana fitowa.

Wanda zan ja maka kunne a kansa sosai shi ne gatse, don shi ba kalma ba ce, jimla ce gaba ɗaya da ke nufin kishiyar abin da ta faɗa. Uwa ta ce wa yaro "je ka, ka daɗe, kada ma ka dawo da wuri", idan ka fassara yadda take baƙo zai ɗauka izini aka ba shi. Nan iyafis ɗinka zai yi aiki, ka saurari muryar. Wani lokaci Turancin ma yana ɗaukar gatsen idan fuskar mai maganar ta nuna, wani lokaci dole ka juya shi ya zama gargaɗi kai tsaye.

Mataki na 7: gwada a kan wanda ba ya jin Hausa

Yanke sin ɗin, minti biyu ko uku, har da abin da ya gabace shi kaɗan, ka tura wa mutuminka na biyu. Kada ka yi masa wani bayani, kuma kada ka tambaye shi "ka gane?", kowa zai ce ya gane. Tambayar da nake yi ita ce: matar nan me take ji game da yaron? kana ganin ta yarda ya yi satar? Idan ya ce tana son sa amma akwai abin da ya ɗaure ta, aiki ya yi. Idan ya ce ba ta damu da shi ba ko tana fushi da shi, koma mataki na uku ka ɗauki wata jimlar.

Lokacin da na gwada gyararren layin a kan wata abokiyar aikina da ba ta jin Hausa, amsarta ita ce matar tana tsoron mutanen gidan ne. Ba daidai ba ne ɗari bisa ɗari, kunya ba tsoro ba ce, amma ta gane uwar na gefen ɗanta kuma ta ji nauyin shirun, ni kuma a sakan uku abin da zan iya saya kenan, na bar shi haka. Wani abu dole ya zube a hanya, kai dai ka tabbata kai ka zaɓi wanda zai zube, kuma ba shi ne wanda labarin ya tsaya a kai ba.

Idan babu wanda za ka gwada a kansa, ga madadi: ajiye aikin kwana ɗaya, washegari ka kashe sautin gaba ɗaya ka kalli sin ɗin da rubutun kawai. Ba ya kai gwajin mutum, don kai ka riga ka san labarin, amma yana kama manyan kurakurai. Wata hanyar kuma ka ba wani Bahaushe mai jin Turanci layin Turancin kawai ka ce ya mayar maka da shi Hausa, idan ya dawo da "ɗanta ya ba ta kunya" ka san ka faɗa ramin da na faɗa.

Idan ba sabtaitil kake yi ba

Matakan farko huɗu duk ɗaya ne ko labari kake fassarawa ko wasiƙa ko tafinta kake yi a taro, abin da ke canzawa fili ne. A rubutaccen labari kana da damar ƙara rabin jimla a cikin zancen ba tare da an ji ɗinki ba, misali ka ce ta ci gaba da tsince shinkafarta, don uwa ba ta tare wa ɗan fari a gaban mutane. Wannan ya fi bayanin ƙasan shafi, wanda ke fizge mai karatu daga tsakar gidan ya kai shi laburare. A tafinta ta baki kuma kana iya tsayawa ka ce wa mai sauraro kalmar nan tana buƙatar ɗan bayani, ka yi shi a jimla ɗaya ka wuce, amma ka sanar cewa bayanin naka ne ba na mai maganar ba, musamman idan zaman sulhu ne ko na asibiti.

Littafin nan naka kuma ka riƙa cika shi a tsari ɗaya: kalmar, jimlar da ta fito a ciki, wa ya faɗa wa wa, sai abin da ka rubuta a ƙarshe. Nawa shafin kunya kaɗai ya kai fassara goma sha wani abu, na kara yana biye da shi. Shafin sannu ne ya fi kowanne tsawo, don sannu da zuwa daban, sannun mara lafiya daban, sannu da aiki daban, ga kuma sannun da ake ja wa wanda ya yi ɓarna, "sannu ka ji", wadda ita ma gatse ce. Wanda har yau shafinsa ke nan fari ban rubuta komai ba shi ne tsaki, idan aka ja shi a fim barinsa nake yi ba rubutu, sautin da fuskar suna isa.